Yadda Ake Raɗa wa Kalmomin Kimiyya Suna da Hausa: Aiki a Kan Fotosintesis da Molekul

Malamin da ke koyar da kimiyya a firamare ko ƙaramar sakandare ya san inda darasi yake cijewa. Bayani yana tafiya da Hausa lafiya lau, yara suna bi, sai a iso kan wata kalma kamar fotosintesis ko molekul. Daga nan sai ko dai a jefa ta yadda take, yara su haddace sauti ba ma'ana, ko kuma malam ya fassara ta nan take, gobe ya sake fassara ta da wata kalmar daban. Wannan jagora na malami ne, da mai fassara littafin makaranta, da mai shirya darasi a rediyo, duk wanda yake son ya zauna ya samar da suna guda da zai ɗore. Zan bi kalmomi biyu kawai daga farko har ƙarshe, domin hanyar da ta dace da ɗaya ba ita ta dace da ɗayar ba, kuma a cikin wannan bambancin ne aikin yake.

Mataki na farko: ajiye kalmar, ka ɗauki abin

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki kalmar Turanci a fasa ta, a fassara ɓangarorinta, a liƙa. Fotosintesis daga Girkanci take: ɓangaren farko haske, na biyu haɗawa. Sai mutum ya ce to shi ke nan, “haɗin haske”. Matsalar ita ce asalin kalma tarihi ne na abin da mutanen wani zamani suka zata, kuma sau da yawa zaton nasu bai tsaya ba. Kalmar oksijin, wadda masanin kimiyya Bafaranshe Lavoisier ya raɗa a ƙarni na 18, ma'anarta “mai haifar da tsami”, domin ya ɗauka kowane asid yana ɗauke da wannan iska. Daga baya aka gano akwai asid da babu oksijin a cikinsa ko kaɗan, irin HCl. Jamusawa sun fassara kalmar kai tsaye zuwa harshensu, kuma har yau sunan da suke kiran wannan iska yana ɗauke da tsamin nan. Haka atom, ma'anarsa “wanda ba ya yankuwa”, alhali tun 1897 da masanin kimiyya ɗan Ingila Thomson ya gano ilektiron aka san akwai abubuwa a cikinsa. Wanda ya fassara asalin kalma, tsohon kuskure yake shigo wa yara da shi cikin sabuwar riga.

Saboda haka kafin ka nemi suna, rubuta bayanin abin da Hausa a jimla ɗaya ko biyu, ba tare da ka ambaci kalmar Turancin ba. Ga nawa na fotosintesis: hanyar da korayen tsirrai, da gansakukar ruwa, da wasu bakteriya suke amfani da ƙarfin haske su haɗa sukari daga ruwa da iskar kabon-dayoksaid, suna fitar da iskar oksijin. A lissafin kimiyya ana rubuta shi haka:

6CO₂ + 6H₂O → C₆H₁₂O₆ + 6O₂

Ka lura da abin da babu a hagun wannan layi. Haske ba ya cikin kayan haɗin. Kayan haɗi biyu ne, ruwa da iska, haske kuwa shi ne ƙarfin da ke tafiyar da aikin. Wannan shi ne abin da sunan ba zai saɓa masa ba. Idan ka kasa rubuta irin wannan bayani, kada ka ci gaba. Ka nemi malamin bayoloji ku zauna tare. Aikin raɗa suna yana buƙatar mutum biyu aƙalla, wanda ya san ilimin da wanda ya san harshen, kuma ba kasafai ake samun su a jiki ɗaya ba.

Bayan bayanin, rubuta abin da wannan abu ba shi ba ne, wato wuraren da yara suka saba ruɗewa. A fotosintesis uku ne: suna zaton tsiro daga ƙasa yake tsotso abincinsa, suna zaton zafin rana ne ke aikin, suna kuma zaton shi ne numfashin tsiro. Wannan ɗan jeri shi ne rariyar da za ka tace duk sunan da ya zo maka.

Mataki na biyu: duba ko an riga ka

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani, amma tsallake shi yana haifar da sunaye biyar ga abu guda. Duba ƙamusun Bargery na 1934 domin tsofaffin kalmomin sana'a da noma, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Duba abin da hukumar NERDC da sassan Hausa na jami'o'i suka fitar, ka saurari abin da gidajen rediyo suke faɗa, ka tambayi malaman wasu makarantu me suke cewa a aji. Idan ka tarar da suna wanda ya riga ya kama baki kuma bai saɓa wa bayaninka ba, ka ɗauke shi ko da kana ganin za ka iya yin wanda ya fi shi daɗi. “Ƙwayar zarra” ga atom misali ne: ta zauna, mutane sun san zarra daga karatun allo a matsayin abu mafi ƙanƙanta, babu dalilin taɓa ta.

Mataki na uku: tara sunaye da yawa, ka tace

Hausa tana da ƙirar gina suna da kunne ya saba da su, kuma sabon suna yana shiga ne idan ya bi ɗaya daga cikinsu. Akwai suna biyu da mahaɗi, kamar jirgin sama da gidan waya. Akwai aikatau da abin da ya faɗa wa, kamar fasa-ƙwauri da gama-gari. Akwai ɗafa “ma-” a gaba domin mai yi ko kayan yi ko wurin yi, kamar ma'auni da madubi da ma'aikata. Akwai faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma, yadda “wuta” ta ɗauki lantarki. Sannan akwai aro, a gyara wa kalma baki ta zauna, yadda aka yi wa asibiti da fensir. Fotosintesis aiki ne da ke gudana, don haka sunan aiki muke nema, wanda zai iya bin “yana” ko “suna”.

Kada ka tsaya a kan na farkon da ya faɗo maka. Rubuta biyar ko shida, har da waɗanda ka san ba za su wuce ba, domin dalilin faɗuwarsu yana nuna maka abin da kake nema. Bari mu bi su.

“Numfashin tsiro” ya faɗi tun a bakin ƙofa. Tsiro yana da numfashi na gaske, wanda yake yi dare da rana, yana ɗaukar oksijin yana sakin kabon-dayoksaid kamar yadda muke yi. Idan ka ba fotosintesis wannan suna, ranar da aka zo darasin numfashi ba ka da kalmar da za ka yi amfani da ita, kuma ka dasa wa yara kuskuren da zai bi su har ajin ƙarshe.

“Haɗin haske” yana sa a ji kamar haske ake haɗawa, ko haske biyu ne suka gamu. Babu abinci a ciki, babu tsiro. Yaro ba zai tsinci komai daga gare shi ba.

“Haɗa abinci da hasken rana” shi ne wanda malamai da yawa suke faɗa, kuma a matsayin bayani ba laifi. A matsayin suna yana da aibu uku. Ya yi tsawo. Kalmar “da” a cikinsa tana da fuska biyu: tana iya nufin ta amfani da haske, tana kuma iya nufin an gauraya abinci da haske, kamar yadda ake haɗa gari da ruwa. Sannan “rana” ta ƙuntata shi, domin tsiro yana yin wannan aiki a ƙarƙashin fitilar lantarki idan haskenta ya isa.

“Sarrafa haske” gajere ne kuma gaskiya ne, tunda ƙarfin haske ake juyawa a adana shi cikin sukari. Rauninsa shi ne faɗi: farantin sola ma sarrafa haske yake yi, madubin tabarau ma haka. Wanda ya ji shi ba zai san maganar abinci ake yi ba.

“Girkin ganye” ya kawo abinci, amma Bahaushe zai ji shi a matsayin dafa ganye. Kuma gansakuka da bakteriya ba su da ganye.

Saura “girkin haske”, kuma a kansa zan daɗe, domin shi nake ba da shawara. Mahaɗin nan na “-n” yana iya nuna abin da ake dafawa, kamar girkin wake, yana kuma iya nuna abin da ake dafawa da shi, kamar girkin gawayi da girkin gas. Babu wanda ya ji “girkin gawayi” ya ɗauka gawayi za a ci. Idan yaro ya ɗora “girkin haske” a wannan layi, ya sami hoton da muke so daidai: akwai kayan haɗi, akwai abincin da zai fito, haske kuma shi ne makamashin. Sunan ya amsa ruɗani na farko, tunda mai girki da kansa yake yin abincinsa, ba tsotso shi yake daga ƙasa ba. Bai taɓa numfashi ba. Inda yake da rauni shi ne ruɗani na biyu, domin girki yana jawo tunanin zafi. Wannan rauni na gaske ne, kada a ɓoye shi. Abin tambaya shi ne ko darasi zai iya rufe shi, kuma za mu gani a ƙasa cewa zai iya.

Mataki na huɗu: sa shi cikin jimla, ka gwada shi da danginsa

Suna ba a allo yake zama shi kaɗai ba. Ɗauko shafin littafin da kalmar take, ka fassara jimla goma na gaske da sabon sunan, ka karanta su da ƙarfi. “Ganye yana girkin haske da rana.” “Idan iskar kabon-dayoksaid ta ƙaru, saurin girkin haske yana ƙaruwa har zuwa wani iyaka.” “Naman kaza ba ya girkin haske.” “Akwai bakteriya masu girkin haske.” Duk sun zauna ba tare da an ƙara musu komai ba. Yanzu gwada jimla ta biyu da dogon sunan nan: “saurin haɗa abinci da hasken rana yana ƙaruwa.” Kunne zai ji kamar hasken rana ne yake ƙaruwa. A nan ake gane sunan da zai iya aiki da wanda bayani ne kawai.

Sai dangi. Kowace kalmar kimiyya tana da 'yan'uwa da za su zo a aji na gaba, kuma sunan kirki yana buɗe musu hanya. Akwai bakteriyar da ke haɗa abincinsu da ƙarfin da suke samu daga sinadarai, ba tare da haske ba, irin waɗanda ke zaune a ƙasan teku inda rana ba ta kaiwa. Aikinsu sai ya zama “girkin sinadari”, kuma yaro zai ga bambancin da kansa. Ƙananan ɗakunan da girkin haske ke gudana a cikinsu, wato kulorofilas, suna iya zama “madafar tsiro”. Kulorofil kuwa, launin da ke kama hasken, ana iya barinsa da aro a bayyana shi da “koren da ke kama haske”. Idan sunanka ya toshe wa danginsa hanya, ka koma mataki na uku.

Molekul: inda hanyar ta sha bamban

Mu sake farawa daga bayani. Molekul shi ne ƙwayoyin zarra biyu ko fiye da suka ɗaure da juna suka zama abu guda mai zaman kansa, wanda ba shi da cajin lantarki. Na ruwa, H₂O, yana da zarra uku: haidurojin biyu, oksijin ɗaya. Na sukarin gulukos da muka gani a sama yana da 24. Asalin kalmar Latin ne, ma'anarta “ɗan ƙaramin tuli”, wanda ba zai amfane mu da komai ba.

Jerin ruɗani a nan ya fi na farko tsanani, domin molekul yana zaune ne a tsakiyar maƙwabta masu kama da shi. Iskar oksijin da muke shaƙa, O₂, molekul ce, amma zarra iri ɗaya ce a cikinta, don haka ba haɗaɗɗen sinadari ba ce. Gishiri, NaCl, haɗaɗɗen sinadari ne amma ba molekul ba ne, domin ayon ne masu caji suka jeru a cikinsa layi-layi ba tare da an ware su biyu-biyu ba. Iskar hiliyom kuwa zarra ɗai-ɗai take yawo. Sunan da za mu ba molekul dole ya karɓi O₂ da H₂O, ya bar gishiri da hiliyom a waje. Waɗannan huɗun su ne ma'aunin gwajinka.

Abin da baki yake fara kawowa shi ne “ƙwaya”, kuma nan ne tarkon. Wannan kalma ta riga ta yi lodi fiye da kima: ƙwayar zarra, ƙwayar halitta da ake faɗa wa ɗakin rai a wani littafi a kuma faɗa wa abin gado a wani, ƙwayar cuta, ƙwayar magani, ƙwayar hatsi. Idan ka ƙara “ƙwayar sinadari” ga molekul, ka sami jimla irin wannan: ƙwayar halitta tana ɗauke da ƙwayoyin sinadari waɗanda aka gina da ƙwayoyin zarra. Yaro zai ji ƙwaya uku, ba zai san wace ce a cikin wace ba, alhali ainihin abin da darasin yake son koyarwa ke nan. Ita ma “sinadari” haka take, ana faɗarta ga kusan komai, daga kayan gina jiki har maganin ƙwari. Kuma “ƙwayar sinadari” ta faɗi gwajin huɗun nan, tunda za ta karɓi zarrar hiliyom da ayon na gishiri duka.

To a gina daga zarra. “Gungun zarra” yana nuna taro amma babu ɗauri; zarrar hiliyom da suka taru a cikin balan-balan ma gungu ne. “Haɗakar zarra” tana jawo tunanin iri daban-daban, sai ta yi karo da haɗaɗɗen sinadari, O₂ ya rasa wurin zama. “Ƙullin zarra” ya fi su duka: ƙulli ɗaurarre ne, abu guda ne da ake ɗauka a ƙirga, kuma bai damu da ko abin cikinsa iri ɗaya ne ko daban ba. Ya ci gwajin huɗun. Amma kai shi cikin jimla ka ji. “Ƙullin zarra shida na ruwa”: ƙulli ne shida, ko zarra ce shida? A darasin da duk aikinsa ƙirga zarra ne a cikin molekul, wannan shubuha ba ƙarama ba ce. Layin da muka rubuta a sama yana da molekul shida na ruwa, masu zarra 18 gaba ɗaya, kuma dole yaro ya iya faɗar lambobin biyu ba tare da sun cakuɗe ba.

Saboda haka a nan shawarata aro ce: a ce “molekul”, a riƙe “ƙullin zarra” a matsayin bayanin da ake bayarwa ranar farko. Dalilan guda uku ne. Na farko, kalma ɗaya ce, tana ɗaukar lamba ba gardama: molekul shida. Na biyu, Hausa ba ta da wani abu a rayuwar yau da kullum da ya yi daidai da shi, saɓanin girki da kowa ya sani. Kalmar da ba ta ɗauke da tsohuwar ma'ana ba za ta ja yaro wani wuri ba. Na uku, Turanci da Faransanci kusan lafazi ɗaya suke yi mata, don haka yaron Kano da na Damagaram za su haɗu a kan suna guda. Wasu suna ganin aro kasawa ce. Ni ban ga haka ba. Harshen da ya mayar da littafi da alƙalami nasa ya daɗe da sanin yadda ake karɓar baƙo a ba shi ɗaki.

Sai dai aro ma aiki ne, ba kwafe ba. Akwai abubuwa huɗu da za ka yanke ka rubuta. Rubutu: zaɓi siga ɗaya bisa ƙa'idar rubutun Hausa ka tsaya a kanta, kada yau molekul gobe malakul. Jinsi: kalmar da ba ta ƙare da “a” ba galibi namiji ce, don haka “molekul ne”, “wannan molekul ɗin”. Jam'i: ana iya ninka shi kamar otal-otal, amma bayan lamba ba a buƙatarsa. Mahaɗi: “molekul ɗin ruwa”, kamar yadda ake yi wa sauran kalmomin aro masu ƙarewa da baƙi. Ka kuma lura da wani maƙwabci da zai zo a babbar sakandare, wato mol, ma'aunin adadi wanda ya kai kimanin 6.02 × 10²³. Sautinsu ya yi kusa, don haka kada a yarda a gajarta molekul a baki zuwa “mol”.

Mataki na biyar: kai shi gaban yara

Kwamiti yana iya amincewa da suna, amma aji ne yake tabbatar da shi. Gwajin yana da zagaye biyu. A zagaye na farko, kafin ka koyar da komai, rubuta sunan a allo ka ce kowa ya rubuta abin da yake zato yana nufi. Ba daidai kake nema ba, alkibla kake dubawa. Idan amsoshin “girkin haske” suna zagaye abinci da haske, suna yana ja wajen da ya dace. Idan yawancinsu suna maganar dafa abinci da wutar sola, ka san aikin da ke gabanka, ko ka ƙara masa “na tsiro” a farkon amfani.

Sai ka koyar, kuma a nan za a rufe raunin nan na zafi da gwajin ganye da ke cikin manhaja. A ajiye tsiron tukunya a duhu kwana biyu domin sitacin ganyensa, wato sukarin da ya adana, ya ƙare. A rufe rabin ganye ɗaya da baƙar takarda sama da ƙasa, a fitar da shi rana na wasu awanni. A cire ganyen, a tsoma a tafasasshen ruwa, sannan a sa shi cikin sifirit a ɗumama ta hanyar dasa kwalbar cikin ruwan zafi, ba a kan wuta ba domin sifirit yana kamawa. Idan koren ya fita, a ɗauraye, a ɗiga aidin. Ɓangaren da ya ga haske zai koma shuɗi mai duhu, alamar sitaci. Wanda aka rufe zai tsaya da launin aidin. Sai ka tambaye su: ɓangaren da ke ƙarƙashin baƙar takarda bai sha zafi ba ne? Ya sha. Me ya rasa? Haske. Daga nan sunan ya zama mai tunatarwa, domin “haske” ne a cikinsa, ba “zafi” ba, ba kuma “rana” ba.

Zagaye na biyu bayan mako guda ne. Yi tambayoyin da ke taɓa jerin ruɗaninka kai tsaye: tsiro yana girkin haske da dare? Yana numfashi da dare? O₂ molekul ne? Gishiri fa? Sannan ka kasa kunne ga yadda suke faɗar sunan a tsakaninsu. Idan sun gajarta shi ta hanyar da ba ta ɓata ma'ana ba, ɗauki tasu. Idan sun guje shi sun koma Turanci duk da sun fahimci darasin, ya yi musu nauyi a baki. Idan yana ba su dariya, bincika dalili, domin wataƙila yana da wata ma'ana a karin harshen garin da ba ka sani ba. Wannan ne ya sa yake da kyau a aika sunan ga malami a Sakkwato, da wani a Zariya, da wani a Maraɗi kafin a buga shi. Ka tuna kuma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka kalma tana iya zama lafiya a baki ta yi karo da wata a takarda. Ka ba wanda bai taɓa jin sunan ba ya karanta maka shi daga rubutu.

Mataki na shida: rubuta masa kati

Kowane suna da ya wuce ya sami katinsa, a takarda ko a kwamfuta. A kai a rubuta sunan Hausa, jinsinsa da jam'insa, bayanin nan na jimla ɗaya, jimlolin misali biyu, da kalmar Turanci da ta Faransanci yadda suke a littafin makaranta. Wannan na ƙarshe wajibi ne, domin jarrabawar kimiyya ta WAEC da NECO da Turanci ake rubuta ta, kuma yaron da ya san girkin haske dole ya gane shi idan ya gan shi a takardar tambaya. A aji, Hausar ta fara zuwa tare da fahimta, Turancin ya biyo a rubuce kusa da ita tun ranar farko.

A bayan katin a rubuta sunayen da aka ƙi da dalilin ƙin kowanne: “numfashin tsiro” saboda karo da numfashi, “ƙullin zarra” saboda shubuhar lamba. Mutane suna raina wannan ɓangare, alhali shi ne yake hana wanda zai zo bayanka sake tayar da gardamar da aka riga aka kashe, kuma idan yana da hujjar da ta fi taka zai san daidai inda zai sa ta. Ka tara katunan babi guda tare, zarra da molekul da ayon da haɗaɗɗen sinadari a wuri ɗaya, ka karanta su a jere kafin ka miƙa wa sauran malamai, domin karo tsakanin sunaye biyu ba ya bayyana sai an ajiye su kusa da juna.